Mai tsaron raga da layinsa: yaushe ake fita, yaushe ake tsayawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin balo a Bukoki ko Talaje lokacin gasar babban hutu ya san ihu biyu da ake yi wa mai tsaron raga. In ɗan gaba ya kuɓuce ya nufo shi, sai ka ji ana "Fito! Fito!" In ya fito aka ɗaga ƙwallo ta bisa kansa ta faɗa raga, mutanen nan dai su ne za su ce "Me ya fitar da kai?" Duka biyun ba a banza ake faɗinsu ba, sai dai babu wanda ya taɓo ainihin maganar. Fita daga layi ciniki ne: gola yana rage faɗin ragar da ɗan gaba ke gani, amma da lokaci yake biya. Akwai wurin da cinikin ke da riba, akwai wurin da ba riba ba faɗuwa, akwai kuma wani yanki a tsakiya inda gola ke asarar duka biyun. Da yawa daga ƙwallayen da ake ci a fito-na-fito, a wannan yankin ake cin su.

A fara da awo, don shi ne ba ya canzawa. Raga ta manya faɗinta mita 7,32 ne, tsayinta mita 2,44. Ƙaramin gidan da ke gabanta zurfinsa mita 5,5, wurin ajiye fenariti mita 11, babban gida kuma mita 16,5. Awon nan ɗaya ne ko a filin Janar Seyni Kountché ko a wasan ƙarshe na kofin duniya.

Yanzu a ɗauka an ɗaura igiya a gindin turken dama, an ja ta zuwa inda ƙwallo take, an zagayo da ita an ɗaura a turken hagu. Abin da ya fito alwatika ne mai tsini a kan ƙwallo. Duk harbin da ya tafi a miƙe ya shiga raga, tsakanin igiyoyin nan biyu ya bi. Saboda haka aikin gola tsare tsakanin igiyoyin ne a daidai inda yake tsaye, kuma tsakanin nan yana tsukewa gwargwadon kusantarsa da ƙwallo. Lissafin ba shi da wuya idan ƙwallo tana fuskantar tsakiyar raga: a raba nisan gola da ƙwallo da nisan ƙwallo da layi, a ninka da 7,32. Ƙwallo tana bakin babban gida, gola yana kan layi, mita 7,32 ke gabansa. Ya fito mita 2, ya rage 6,43. Ya fito bakin ƙaramin gida, ya rage 4,88, wato kashi biyu cikin uku. Tsayin ma haka yake raguwa: harbin da ya tafi a miƙe zuwa ƙarƙashin ƙarfen sama zai wuce golan da ke bakin ƙaramin gida a tsayin mita 1,63 kawai, daidai kafaɗa ko haɓa.

Wanda ya tsaya a nan zai ce to ai sai a yi ta fita. Masu horaswa da yawa a nan suke tsayawa, shi ya sa suke sa yara su riƙa rugowa waje da an ce kule. Abin da aka manta shi ne agogo.

A ɗauki harbi mai ƙarfi na babban ɗan wasa, a ce kilomita 90 a awa, wato mita 25 a daƙiƙa ɗaya. Daga bakin babban gida zuwa layi, ƙwallon za ta ɗauki daƙiƙa 0,66. Zuwa bakin ƙaramin gida kuwa, 0,44. Faɗi ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, lokaci ma ya ragu da kashi ɗaya cikin uku. Sai dai akwai wani harajin da ba ya raguwa: kafin ido ya ga inda ƙwallo ta nufa jiki ya fara motsi, kusan daƙiƙa 0,2 ta tafi, ko gola na kan layi ko yana waje. Akwai kuma wata kyauta da ita ma ba ta canzawa: mutum mai matsakaicin tsayi in ya buɗe hannuwa yana rufe kusan mita 1,8 ba tare da ya ɗaga ƙafa ba, santimita 90 kowane gefe. In aka cire harajin aka cire kyautar, golan da ke kan layi yana da daƙiƙa 0,46 ya kai hannu mita 2,76 a gefe. Wanda ke bakin ƙaramin gida yana da 0,24 ya kai mita 1,54. Raba ka gani: saurin da ake nema daga su biyun kusan ɗaya ne.

Ma'anar wannan ita ce, ga harbin nesa mai ƙarfi, fita da yawa ba ta ƙara wa gola wani abin kirki, alhali tana buɗe masa ƙofar da a dā take rufe, wato sama. Ƙwallon da aka ɗaga, ko wadda aka murza ta tashi ta sauko, ba ta bin miƙaƙƙen layin igiya. Shi ya sa idan ƙwallo tana bakin babban gida ko ɗan bayansa, kuma akwai ƴan baya a gaban mai ita, wurin gola mita 2 ne zuwa 3 daga layi. Wannan ƴar fitar tana da amfaninta: tana ba shi damar faɗuwa gaba-gaba maimakon baya-baya, in ya ture ƙwallo ta fita waje maimakon ta bugi cikin turke, kuma ba zai buga kai da ƙarfe ba. Gajeren gola ya fi kyau ya tsaya kusa da mita 2, don sama ta fi yi masa barazana. Dogo, wanda hannunsa ke taɓa ƙarfen sama ba tare da wani tsalle ba, yana iya ƙara taku ɗaya.

Labari yana juyawa ne idan ƙwallo ta shigo ciki. A ajiye ɗan gaba a wurin fenariti, shi kaɗai, ƙwallo a ƙafarsa. Golan da ya maƙale a layi yana da daƙiƙa 0,44, a cire haraji saura 0,24, ga mita 2,76 kowane gefe. Babu ɗan Adam da zai kai, sai dai ya yi caca ya zaɓi gefe kamar a fenariti. To a ce ya fito bakin ƙaramin gida, rabin hanya. Faɗin ya koma mita 3,66, amma ƙwallon za ta iso shi cikin 0,22, wato kafin ya motsa ta wuce, kuma a kowane gefensa akwai ƙofa ta kusan mita ɗaya a buɗe. Nan ne yankin asara. Bai da lokacin gani ya bi, jikinsa kuma bai isa ya toshe ba. In kuwa ya matso har saura mita 3 tsakaninsa da ƙwallo, faɗin ya koma mita 2. Saura mita 2, ya koma 1,33. A nan lokaci ba shi da sauran amfani, don ba a buƙatarsa: jikin da aka baje ya rufe kusan duk abin da ɗan gaba ke iya gani.

Ke nan hanyoyin tsare ƙwallo biyu ne, kuma kowace da nisan da take aiki. Ta farko ita ce gani da bi, tana buƙatar aƙalla mita 7 ko 8 tsakanin gola da ƙwallo. Ta biyu ita ce toshewa, tana buƙatar mita 2 zuwa 3, ko ƙasa da haka. Tsakanin mita 4 da 6 kuwa wurin wucewa ne, kamar tsakiyar titi. Duk tambayar fita ta dawo guda ɗaya: zan iya ƙetare wannan yankin kafin ya sake taɓa ƙwallo? In amsar a'a ce, tsayuwa ta fi.

Kafin a shiga wannan tambayar, sai an gyara tsayuwar gefe, don fitar da aka fara daga karkataccen wuri ƙara buɗe raga take yi. Ƙa'idar ita ce gola ya tsaya a kan layin da ya raba kusurwar igiyoyin nan gida biyu daidai, yadda nisan hannunsa na dama da igiyar dama zai zama daidai da na hagu da igiyar hagu. Ana yawan koya wa yara cewa su tsaya tsakanin ƙwallo da tsakiyar raga. Wannan daidai ne idan ƙwallo tana tsakiya, amma da ta koma gefe sai ya fara kuskure, don layin gaskiya yana karkata wajen turken kusa. In ƙwallo tana kan kusurwar babban gida, layin yana sauka kusan santimita 40 daga tsakiyar raga zuwa wajen turken kusa. In tana kan kusurwar ƙaramin gida, bambancin ya kai mita ɗaya. Mita ɗaya a irin wannan nisan ita ce ƙwallon da ke shiga ta tsakanin gola da turkensa, wadda ƴan kallo ba sa yafewa.

Abin da ya kamata a lura da shi a gefe shi ne raga ta riga ta tsuke da kanta. Daga wurin fenariti ɗan gaba yana ganin raga a buɗe kusan digiri 37. Daga tsakiyar bakin babban gida, 25. Daga kusurwar ƙaramin gida, kusan 22, daga kusurwar babban gida kuwa 10 kacal. Golan da ya tsaya daidai saitin turken kusa, kusan mita 2 daga layi, yana fuskantar mai ƙwallo a kusurwar ƙaramin gida, abin da ke gabansa bai wuce mita biyu da rabi ba. Taku ɗaya da miƙa hannu ya rufe shi. To me zai fita nema? Duk takun da ya ƙara wajen mai ƙwallo yana nisanta shi da bakin raga, kuma ɗan gefe mai wayo ba harbi zai yi ba, mayar da ƙwallo zai yi baya wajen wurin fenariti, inda abokinsa zai tarar da raga wayam. A gefe, fita ba ta cika biyan kuɗin sabulu ba sai in mai ƙwallon ba shi da wanda zai ba.

Wani kuskuren da ake gani kullum shi ne yin saiti da jikin ɗan wasa maimakon ƙwallo. Tsinin alwatikan a kan ƙwallo yake. Mai ƙafar dama da ya shigo daga hagu, in ya tura ƙwallo ciki mita ɗaya ko biyu kafin ya harba, ya sauya kusurwar gaba ɗaya, kuma murzawar da zai yi za ta fita wajen igiyar nesa ta dawo ciki. Golan da bai ja ƙafa ya bi wannan taɓawar ta ƙarshe ba, zai ga ƙwallo ta wuce yatsunsa da taƙi ɗaya, ya zaci tsayi ne ya gaza masa, alhali taku biyu ne bai yi ba.

Gola ba ya waiwaye, to ta yaya zai san inda ragarsa take? A fili mai layi, alamomin suna gabansa: wurin fenariti yana nuna tsakiya, kusurwoyin ƙaramin gida suna nuna gefe. A filayen rairayi na unguwa, inda tokar da aka zuba da safe ta bi iska kafin la'asar, sai dabara. Duk lokacin da wasa ya koma can gaba, ya taɓa turke ya ƙirga taku zuwa tsakiya, ya kuma riƙe wata alama a can ƙetaren fili, tsakiyar ragar abokan hamayya ko wata bishiya ko sandar lantarki. Ja wa ƙasa layi da takalmi, wanda kowa ke yi a unguwa, a wasan hukuma laifi ne da alƙalin wasa zai iya ba da katin gargaɗi a kansa, saboda haka kada yaro ya saba da shi.

Yanzu a bi fito-na-fito guda ɗaya daki-daki. An zura ƙwallo tsakanin ƴan baya biyu, ɗan gaba ya tsallake tarkon satar gida, yana gudu kusan mita 8 a daƙiƙa. Ya taɓa ƙwallon a mita 20 daga raga, ya tura ta gaba, zai sake cim mata a mita 14. Wannan tazarar ta mita 6 za ta ɗauke shi kusan kashi uku cikin huɗu na daƙiƙa, kuma a cikin wannan ɗan lokacin ba zai iya harbi ba, ba zai iya ɗagawa ba, ba zai iya yanka ba, don ƙwallon ba ta ƙafarsa. Wannan ne lokacin gola. Mutumin da ya tashi daga tsaye yana cin kusan mita 3 a irin wannan lokacin.

In gola yana mita 9 daga layinsa sa'ilin da aka yi taɓawar, yana kan yatsun ƙafa, zai kai mita 12. Saura mita 2 tsakaninsa da ƙwallo, faɗin da ɗan gaba ke gani kusan mita ɗaya ne. Ya ci cinikin. In kuwa yana mita 6 ne ya ruga, zai kai mita 9, saura 5 tsakaninsu, faɗi mita 2,6, lokaci 0,2, kuma yana cikin gudu. Ya kai kansa tsakiyar yankin asara da ƙafarsa. Da ya tsaya a mita 6 ɗin ya kafa ƙafa, da yana da mita 8 da daƙiƙa 0,32, ga faɗin mita 4,2. Ba wuri ne mai daɗi ba, amma yana da dama, kuma mafi muhimmanci ya tilasta wa ɗan gaba ya yanke shawara. Da yawa daga cikinsu, in suka ga gola ya tsaya cak, sai su ƙara taɓawa ɗaya don su matso, kuma wannan taɓawar ita ce damar gola ta biyu ya cinye sauran tazarar.

A lura da abin da ya raba sakamakon: ba saurin gola ba ne, inda yake tsaye ne kafin a zura ƙwallon. Fita mai kyau tun ƙwallo tana tsakiyar fili ake shirya ta. Abin da masu horaswa suka saba bayarwa a matsayin ma'auni shi ne, ƙwallo tana can gidan abokan hamayya, gola yana bakin babban gidansa. Ta zo tsakiyar fili, yana wajen wurin fenariti. Ta kai mita 30, yana bakin ƙaramin gida ko ɗan gabansa. Amma ma'aunin yana tafiya da abu biyu: ko an matsa wa mai ƙwallo, da kuma inda ƴan baya suka tsaya. In ƴan baya sun hau har tsakiya, filin da ke bayansu na gola ne, dole ya matso, irin aikin da Manuel Neuer ya yi wa Jamus a wasansu da Aljeriya a kofin duniya na 2014, inda ya riƙa fita wajen babban gida yana share ƙwallo. In kuwa mai ƙwallo yana sake, babu kowa a kansa, ya ɗaga kai ya duba raga, to lokacin ja da baya ne, tun kafin ya ɗaga ƙafa. A wasan ƙarshe na kofin Turai na masu riƙe da kofi a 1995, a Paris, Nayim na Zaragoza ya ɗaga wa David Seaman na Arsenal ƙwallo daga kusa da tsakiyar fili a mintin ƙarshe na ƙarin lokaci, kofin ya tafi. Gudu da baya ya fi gudu gaba nauyi nesa ba kusa ba, kuma mai ja da baya ba ya iya tsalle yadda ya kamata. In ta kama dole, ya juya jiki gefe ya yi gudun tsallake ƙafa yana kallon ƙwallo ta kafaɗa, ya ture ta bisa ƙarfe da hannun da ya fi nisa da raga.

Komawa ga taɓawar ɗan gaba. Ƙa'idar a taƙaice: ƙwallo ta bar ƙafarsa, matso, ta dawo ƙafarsa, tsaya. Takun farko manya ne, na ƙarshe ƙanana, jiki yana sauka ƙasa gwargwadon kusantowa. Alamar harbi kuwa a bayyane take ga mai kallo: kai ya sunkuya, ƙafar dogaro ta dasu gefen ƙwallo, ƙafar harbi ta ja baya. Kafin ƙafar nan ta dawo, dole ƙafafun gola biyu su kasance a ƙasa, buɗe daidai faɗin kafaɗa, nauyi a kan gaban tafin ƙafa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ƙirji a gaba. Dalilin bai wuce wannan ba: mai gudu nauyinsa a kan ƙafa ɗaya yake, kuma ba zai iya jefa jiki gefe ba sai ya sauke ɗayar. Wannan saukewar tana cin kusan duk ɗan lokacin da ya rage masa. Gara gola ya tsaya daram a wurin da ya gaza da mita ɗaya da ya isa wurin da ya dace yana cikin tafiya.

In ya ƙetare ya iso, abu uku ke gabansa, kuma wanda zai riga taɓa ƙwallo ne ke zaɓa masa. In shi zai riga, sai ya kwanta a gefe ya ɗauke ta, hannuwa a gaba, kai a bayan damatsa, jiki a gicciye yadda ko ta kuɓuce za ta bugi ƙirji ko cinya. Shiga da ƙafafu a gaba yana rage faɗin jiki kuma shi ke jawo fenariti. In tare za su iso, sai bajewa: hannuwa da ƙafafu a buɗe, ƙirji a gaba, salon da Peter Schmeichel ya yi suna da shi, wanda ya samo daga ƙwallon hannu. In kuwa ɗan gaba ya riga ya mallaki ƙwallo a mita 2 ko 3, sai toshewa: gwiwa ɗaya ta sauka ta rufe tsakanin ƙafafu, ɗaya ƙafar a miƙe gefe, hannuwa ƙasa-ƙasa tafin yana kallon ƙwallo. Hannu a ƙasa yake zama domin daga wannan nisan ƙwallo ba ta da filin tashi, ta gefen idon sawu ko ta tsakanin ƙafafu take wucewa.

Ƙafa tana tsare ƙwallo a nan fiye da yadda ake zato. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2010 a Johannesburg, Arjen Robben ya kuɓuce shi kaɗai, Iker Casillas ya fito ya jira shi, ya faɗi gefe guda, ƙafar da ta rage a baya ce ta kauda ƙwallon. A na 2022, a ƙarshen ƙarin lokaci, Emiliano Martínez ya matso, ya kafa, ya baje, ƙafarsa ta hagu ta tare harbin Randal Kolo Muani. Ana kiran irin wannan sa'a. Sa'ar tana zuwa ne ga wanda ya jinkirta faɗuwa har aka harba. Golan da ya riga ya kwanta tun ɗan gaba bai yanke shawara ba ya ba shi zaɓi biyu masu sauƙi, ya ɗaga ta bisa kansa ko ya kewaye shi.

Akwai lokutan da ko lissafin nisa ya yarda, ba a fita. Babba a ciki shi ne idan ɗan baya yana kafaɗa da kafaɗa da mai ƙwallo, ko yana tsakaninsa da raga. Ɗan bayan yana rufe rabin kusurwar, yana hana shi natsuwa, yana kora shi gefe. Golan da ya fito a nan ya cire kansa daga raga ba dalili, sau da yawa ma ya yi karo da nasa. Sai kuma ƙwallon da ke tsalle: wadda ke dundu a daidai gwiwa ta fi kowace sauƙin ɗagawa, saboda haka ko dai gola ya isa gab da ita ko ya zauna kusa da layi. In ya yanke shawarar fita, ya faɗa da ƙarfi tun takun farko, "Tawa ce!" ko "Bari!", kalma ɗaya da ƴan bayansa suka sani, kuma ba a fasawa a tsakiyar hanya. Fasawa ita ce hanya mafi sauri ta tsintar kai a yankin asara.

Doka ma tana cikin lissafin. Tun gyaran 2016, in gola ya kayar da ɗan gaba a cikin babban gida yana ƙoƙarin kai wa ƙwallo, ya hana damar ci bayyananniya, hukuncin fenariti ne da katin gargaɗi. In a wajen gidan ne ya hana damar ci bayyananniya, ko da keta ko da hannu, jan kati ne. Saboda haka ƙwallon da za a haɗu da ita a mita 17 ko 18 ba ta hannu ba ce, ta ƙafa ce ko kai, kuma a buga ta gefe, wajen layin jifa, kada a mayar da ita tsakiya.

Ƙasar da ake wasa a kanta tana sauya lissafin mita 3 ɗin nan. A rairayi mai zurfi ƙwallon da aka zura tana mutuwa da wuri, ɗan gaba ya cim mata kafin inda gola ya zata, shi kuma golan takunsa na farko yana nutsewa. Wanda ya saba fita a kan shimfiɗar roba, inda ƙwallo ke gudu ta zo hannunsa, in ya kawo wannan lissafin rairayi zai riƙa makara da taku ɗaya ko biyu. A jar ƙasa mai tauri kuwa ƙwallo tana tsalle ba bisa ƙa'ida ba, kuma kwanciya a gaban ɗan gaba tana cin fatar ƙugu da gwiwar hannu, abin da ke sa yara su koyi shiga da ƙafa don tsoron ciwo. Dogon wando mai soso a ƙugu ya fi wa irin wannan yaron amfani a kan faɗa. Lokacin hunturu, in iska tana bayan abokan hamayya, doguwar ƙwallo tana wuce inda aka zata, sai a rage mita ɗaya ko biyu daga wurin tsayuwa. In tana fuskarsu, ƙwallon tana tsayawa a sama ta faɗo gajere, a bayan ƴan baya, nesa da gola.

Mai horaswa zai iya gane irin kuskuren daga yadda ƙwallon ta shiga. In ta wuce kusa da jikin gola, ƙasa da mita ɗaya, shi kuma ya faɗi bayan ta wuce ko ya zauna da baya, yana cikin tafiya ne aka harba. In ta shiga gefen nesa shi kuma ko kusa bai kai ba, ya manne wa turken kusa fiye da kima, ko bai bi taɓawar ƙarshe ba. In ta bi tsakaninsa da turken kusa, da tsakiyar raga ya yi saiti. In ana yawan kewaye shi, da wuri yake kwanciya, ko da gudu ɗaya yake isowa ba ya rage taku. In kuma ana yawan ɗaga masa, a duba inda yake tsayawa lokacin da mai ƙwallo ke sake.

Igiyar da aka yi misali da ita a farko, a fili ma ana amfani da ita. Mita 35 ta isa har bakin babban gida ta tsakiya. A ɗaura bakinta biyu a gindin turaku, mutum ɗaya ya riƙe tsakiyarta a kan ƙwallo, gola ya shiga ciki ya nemi wurin da in ya faɗi dama yatsunsa za su taɓa igiya, in ya faɗi hagu ma haka. Sai a zagaya da ƙwallon wuri biyar ko shida, daga gefe zuwa gefe. Abu ɗaya da ya kamata a ƙara shi ne a sa golan ya fito ya durƙusa a bayan ƙwallo, wani ya tsaya a wurinsa, ya ga da idonsa abin da ɗan gaba ke gani. Bayan haka a cire igiyar a koma ga taɓawa: ɗan gaba ya taso daga mita 25, mai horaswa ya raɗa masa ko doguwar taɓawa zai yi ko gajera, gola bai ji ba. A zana layi biyu a ƙasa don atisaye, a mita 3 da mita 7 daga inda za a harba, a riƙa ƙirga sau nawa harbin ya same shi a tsakaninsu.